Turmi, baƙi da "ba ya zuba": Kalmomin kasuwa da ke jawo asara idan aka mayar da su Turanci

A kasuwa, baki rabin bayani yake yi. Sauran rabin hannu ne da ido suke yin sa. Mai saye zai ɗaga yadi ya duba shi a hasken rana, ya murza shi tsakanin yatsu, ya shinshina, ya tambayi maƙwabcin rumfa, sannan a shiga tayi da albarka. Shi ya sa mai rumfa a Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari zai iya cewa "mai kyau ne, sai wanda ya gani" kuma maganar ta wadatar.

Yanzu da masu rumfuna ke ɗora kayansu a intanet don masu saye a Birtaniya da Amurka da Kanada, wannan rabin na biyu ya ɓace. Matar da ke zaune a Manchester ba za ta taɓa yadin ba sai bayan ta biya kuɗinsa da kuɗin jirgi. Hoto da 'yan layuka na Turanci su ne hannunta, su ne idonta.

A nan ne yawancin masu rumfa ke yin kuskure. Sai su miƙa wa ɗansu ko yaron shago da ya yi boko tallan da suka saba turawa a WhatsApp, su ce ya juya shi zuwa Turanci. Yaron ya juya kalma bayan kalma, ya miƙo. Wannan hanya ba ta ɓullewa, ko da Turancin yaron ya kai na malaminsa. Aikin da ake buƙata shi ne a rubuta wa baƙo duk abin da hannunsa da idonsa za su gano da ya zo rumfar da kansa. Kuma wannan ba ya yiwuwa daga kan kujera, sai da tef ɗin awo a hannu da kayan a gaba.

Tallan da ya yi kyau da Hausa

A ɗauki misalin mai rumfa da ke sayar da rinannen yadi. Tallansa na Hausa yana iya zama haka: "Rinin Ƙofar Mata na asali, turmi guda, baƙi wuluk mai sheƙi, aikin hannu, ba ya zuba."

Duk Bakano ya gane wannan talla. Ya san Ƙofar Mata unguwa ce mai tsohuwar marina. Ya san turmi yadi shida ne. Ya san baƙin marina shuɗi ne da ya nuna sosai. Ya kuma san "ba ya zuba" magana ce ta kasuwa, kuma duk da haka zai wanke shi shi kaɗai a karon farko.

Idan aka bi ƙamus sau da ƙafa, abin da mai saye zai karanta a wayarsa shi ne: "Original Women's Gate dye, one mortar, very black, hand work, it does not pour." Turmi ya koma na daka, zuba ta koma ta ruwa, unguwa ta koma ƙofar shigar mata. Wannan abin dariya ne, amma cutarwarsa kaɗan ce, domin ba wanda zai saya.

Fassarar da ta fi haɗari ita ce wadda ta yi santsi: "Original natural dye, 6 yards, black, handmade, colourfast." Turancin ya fita, mai saye ya fahimta, ya biya. Amma a cikin wannan layi guda akwai alƙawura biyar, kuma mai yiwuwa ne kayan bai cika ko ɗaya ba. Kowanne yana buƙatar a tsaya a kansa.

Awo: turmi ba lamba ba ce

Turmin atamfa falle uku ne, kowane falle yadi biyu. Yadi shida kuwa ya kusa mita biyar da rabi. Amurkawa suna awon yadi da inci, mutanen Turai kuma mita da santimita suka sani, don haka dole a rubuta duka biyun.

Sai dai lissafin kan takarda bai isa ba. Audugar da aka tsoma a ramin rini sau da yawa, aka shanya, tana tsukewa. Yadin da aka yanko shida daga kan bandir yana iya fitowa daga marina bai kai shida ba. A kasuwa ba wanda zai ɗaga murya kan haka, tela ya san yadda zai yi. Amma wadda ta lissafa yadi shida cif don labulen tagarta, idan ta auna ta tarar ya gaza da taƙi guda, a wurinta an yi mata ƙwange.

Akwai kuma abin da tallan Hausa ba ya ambata ko kaɗan, wato faɗi. Mai saye a gida yana ganinsa da ido. Mai ɗinki a ƙasar waje kuwa ba za ta iya lissafin riga ba sai ta san faɗin yadin, domin saƙar hannu da ta masaƙa ba faɗinsu ɗaya ba.

Haka abin yake ga hula. Idan Bahaushe ya ce lambarsa 22, yana nufin zagayen kansa inci 22, kusan santimita 56. Baƙo bai san wannan ba. Dole a gaya masa cewa lambar zagayen kai ce, a kuma gaya masa ya ɗaura tef a saman kunnuwa da goshi ya auna, sannan a faɗi tsayin hular.

Launi: baƙin marina ba baƙin Bature ba ne

Marina suna kiran yadin da ya sha shuni sosai baƙi. Rawanin ɗan Kura, wanda Buzaye suka daɗe suna saye, baƙi ake ce masa, alhali idan rana ta haska shi shuɗi ne mai duhu da ke walƙiya. Wanda ya rubuta "black" ya fassara kalmar daidai, amma ya ba da labarin kayan ba daidai ba. Abin da ya dace shi ne "deep indigo blue".

Wani tarkon kuma shi ne Turancin Najeriya. Mai fassara zai ga ruwan toka ya rubuta "ash colour", ya ga ruwan madara ya rubuta "milk colour", ya ga ruwan ƙasa mai haske ya rubuta "carton colour". A Sabon Gari kowa ya gane. A Toronto kuwa "grey" da "cream" da "tan" ake nema. Mai fassara yana iya zama gwani a Turancin da ake yi a Legas da Abuja, amma mai sayen ba a can yake ba.

Sunan kayan ma haka ne. Shadda ba ta da suna ɗaya a waje. 'Yan Najeriya mazauna can suna neman "Guinea brocade", mutanen Senegal da Mali kuma "bazin" suka sani. Atamfa ana nemanta da "Ankara" ko "African wax print". Hanyar da ta fi ita ce a bar sunan Hausa a gaba, a bi shi da sunan da mai saye zai rubuta a wurin bincike. Ta haka Bahaushen da ke Jidda ko Landan zai ga abin da ya sani, baƙo ma ya samu hanya.

Amma wannan dabara tana da iyaka. Wasu kan liƙa wa rinin Kano sunan "adire" ko "mudcloth" saboda sun ga sunayen suna da kasuwa. Na farko rinin Yarbawa ne da Abeokuta ta shahara da shi, na biyu kuma aikin mutanen Mali ne da ake yi da laka. Masu tara irin waɗannan kaya sun san bambancin, kuma su ne suka fi biya da daraja. Mai rumfar da ya ari sunan wani ya sayar da nasa sunan da araha.

Yabo a Hausa, alƙawari a Turanci

Wannan shi ne zuciyar matsalar. Kalmomi irin su "na asali", "orijinal", "aikin hannu" da "ba ya zuba" a kasuwa kusan kirari ne. Mai saye yana jin su, ya rage musu nauyi da kansa. Da zarar sun shiga shafin sayarwa da Turanci, sun zama sharaɗin ciniki da za a iya kama mutum da shi.

"Aikin hannu" na iya nufin abubuwa uku dabam. Ko dai an saƙa yadin da hannu, ko an rina shi da hannu, ko an yi masa ɗaurin zane da hannu kafin rini. Yawancin rinannen yadin da ke kasuwa farin yadi ne na masaƙa da aka kai marina. Sunansa na gaskiya "hand-dyed". Idan aka rubuta "handwoven" an yi ƙarya, idan aka rubuta "handmade" an bar mai saye ya yaudari kansa.

"Na asali" ma sai an tambaya. Rinin gargajiya ana haɗa shi da baba da toka da kanwa, a bar shi ya ruɓa a rami na kwanaki. Amma akwai masu rini da yawa da ke amfani da shunin kamfani, ko su haɗa biyun. Kalmar "natural indigo" tana ɗaga farashi, saboda haka kada a rubuta ta sai mai rumfa ya san marinin, ya kuma tabbatar da abin da aka zuba a ramin. Idan bai tabbatar ba, "indigo-dyed" ta isa, kuma gaskiya ce.

Shi kuwa "ba ya zuba", kowa ya san halin shuni. Yana shafa a fata da farin kaya, musamman wanda aka buga ya yi sheƙi. Wannan ba aibi ba ne, ɗabi'arsa ce, kamar yadda sabon wandon jins ke yi. Mai fassara ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a gefen yadin. Idan ƙyallen ya yi shuɗi, to ba a rubuta "colourfast". Sai a rubuta gargaɗi. Matar da aka gargaɗa za ta wanke shi shi kaɗai ta ji daɗinsa. Wadda ba a gargaɗa ba za ta shimfiɗa shi a kan farar kujerarta, daga nan sai rigima.

Zaren da aka yi yadin da shi ma sai an faɗa. Dokokin Tarayyar Turai da na Amurka sun wajabta a bayyana irin zaren da ke cikin kayan sawa. Idan babu tabbas, akwai gwajin da teloli suka sani. A zaro 'yan zare daga baki a kunna musu ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Gwajin ba zai faɗi kashi nawa ne na kowanne ba, amma zai hana a rubuta "100% cotton" a kan abin da aka gauraya.

Yadda tallan ya kamata ya fita

A koma kan yadin na farko. A ce mai fassara ya zauna a rumfar, ya auna ya sami tsawo mita 5.3 da faɗi santimita 112. Ya ƙona zare ya ga auduga ce. Ya goga ƙyalle ya ga shuni yana fita. Ya tambayi mai rumfa, ya ce farin yadin daga Kwari ya sayo shi, marinin kuma a Ƙofar Mata yake, amma bai san irin shunin da ya zuba ba. To abin da za a ɗora shi ne:

"Hand-dyed indigo cotton fabric from the Kofar Mata dye pits, Kano, Nigeria. Factory-woven cotton, dyed by hand. Deep indigo blue, almost black indoors. Length 5.3 m / 5.8 yards. Width 112 cm / 44 inches. Colour may rub off at first. Wash separately in cold water. Shade varies from piece to piece."

Ma'anarsa a taƙaice: auduga ce ta masaƙa da aka rina da hannu a Ƙofar Mata, shuɗi mai duhu da kan yi kama da baƙi a cikin ɗaki, ga tsawonta ga faɗinta, tana iya shafa da farko, a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi, kuma launin wani turmin yana iya ɗan bambanta da na wani.

Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki. An bar sunan Ƙofar Mata yadda yake, domin suna ba a fassara shi, kuma shi ne abin da ya bambanta wannan yadi da na ko'ina. Kusan duk abin da ke cikin tallan Turancin babu shi a na Hausar, kuma "ba ya zuba" ya juye ya zama kishiyarsa. Duk da haka, wannan ce fassarar da ta riƙe amanar kayan.

Inda kuskure ya wuce asarar kuɗi

Ga masu rumfar kayan miya, lamarin ya fi nauyi. Kuka misali ce. A Turai da Amurka, "baobab powder" na nufin garin 'ya'yan kuka, fari mai tsami da ake zubawa a abin sha. Kukar miya kuwa ganye ce. Wanda ya sayi wannan yana zaton wancan zai buɗe leda ya ga koren gari mai yauƙi. Kalma ɗaya ce ta raba su: "baobab leaf powder".

Yajin tsire ya fi wannan haɗari, domin akwai ƙuli-ƙuli a ciki. A ƙasashen nan akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har ɗan kaɗan yana iya toshe musu numfashi. Gyaɗa na cikin abubuwan da doka ta tilasta a bayyana a jikin abinci a Birtaniya da Turai da Amurka. Tallan Hausa ba ya ambatarta saboda kowa ya sani. Mai fassarar da ya rubuta "spice mix" ya tsaya nan, ya bar wani cikin haɗarin rai. Sai an ƙara "Contains peanuts".

Akwai kuma abin da ake cirewa. "Yana maganin hawan jini" da ake faɗa a kan zoɓo, ko "yana kashe basir", ba sa tsallaka teku. A can, wanda ya ce kayansa na warkar da cuta ya shigar da su sahun magunguna, kuma hakan kan sa a sauke tallan ko a tsare kayan. Mudu da tiya ma su tsaya a gida, domin awon cika ne, kuma na wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba. Sai a ɗora a sikeli a rubuta giram.

Abin da masu rumfa ke cewa

Ƙorafin da aka fi ji shi ne, wa zai sayi kayan da mai shi da kansa ya ce yana zuba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma gaskiya ne wasu za su karanta gargaɗin su wuce. Amma a duba ɗaya ɓangaren. Dokar Birtaniya da ta Tarayyar Turai sun ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki. Manyan shafukan sayarwa da kamfanonin katin banki kuma suna da hanyar da mai saye zai kai ƙara cewa kaya "not as described" ne, wato ba yadda aka siffanta shi ba. Hujjar da za a duba ita ce rubutun da ke kan tallan. Idan an rubuta "black" ya zo shuɗi, magana ta ƙare.

A irin wannan hali mai rumfa yakan rasa kuɗin kayan, ya rasa kuɗin aikawa, wanda sau da yawa ya fi kuɗin yadin kansa, kuma da wuya kayan ya dawo Kano. Sannan ga mummunan sharhi da zai zauna a ƙarƙashin sunansa, kowane sabon mai saye ya karanta. Mai sayen da gargaɗi ya kora bai ci masa ko kwabo ba.

Ƙorafi na biyu shi ne, idan mai fassara zai ƙara ya rage, ta yaya mai rumfar da ba ya jin Turanci zai san abin da aka faɗa da sunansa? Wannan damuwa ce ta gaske, domin shi zai ɗauki asarar. Maganinta mai sauƙi ne. Kafin a ɗora talla, a ba wani mutum na daban, wanda bai ga na Hausar ba, ya karanta Turancin ya mayar wa mai rumfa da Hausa, kayan na gabansa. Duk jimlar da Alhaji ba zai iya dafa kayan ya ce "haka ne" a kanta ba, a goge ta.

Wannan yana nufin aikin ba na minti biyar ba ne, kuma ba na kyauta ba ne. Matashin da zai zauna ya auna kaya ɗaya bayan ɗaya, ya yi tambayoyi, ya binciki sunan da ake nema a waje, ya cancanci a biya shi kan kowane kaya da ya rubuta. Ya kamata kuma ya buɗe littafi a rumfar: kowace kalmar Hausa da Turancin da aka amince da shi, kowane kaya da awonsa. Kalmomin rumfa ɗaya ba su da yawa, suna maimaita kansu. Idan aka daidaita su sau ɗaya, yaron shago ma zai iya ci gaba da aikin, matuƙar bai ajiye tef ɗin awo ba.